Renda ta falo a Lugbe: fanka, luba da labule, amma mai gida ya ce bai ga iska ba

Mubarak: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawara kan wani aiki da ke hannuna. Gida ne marar bene da ake ginawa a Lugbe da ke Abuja, mai gidan ya ce ba ya son falon da sai an kunna esi ake iya zama, saboda kuɗin wuta da yawan ɗaukewa. Luba yake so a tagogi, da fankar sama, iska ta riƙa ratsawa. Na gina falon a SketchUp, na yi renda, wato hoton kwamfuta na yadda zai fito, na tura masa. Amsar da ya ba ni ita ce hoton ya yi kyau amma kamar ɗakin otal, bai ji alamar iska a ciki ba. Falon mita 6 ne a tsawo, mita 4.5 a faɗi, silin mita 3. Tagogi biyu a bangon kudu, ɗaya a bangon yamma, ƙofar shiga tana gabas ta ɓangaren baranda. Arewa kuwa korido ne na ɗakunan kwana. Ga hoton nan na sa. Me zan gyara?

Nura: Wa alaikumus salam. Ni matsalar da na gani labulenka bai tashi sosai ba. Ka ƙara masa iska ya kumbura ya shigo tsakiyar falo, sannan ka zana kibau masu ruwan bula daga taga zuwa taga. Haka muke yi, kuma kwastoma nan take yake ganewa.

Alhaji Tanko: Yaro, in fanka kake nema ka sayi mai inci 56, ka duba nauyin kanta kafin ka biya. Wadda kanta ba nauyi ba ta daɗewa.

Mubarak: Na gode Baba Alhaji, ba saye zan yi ba tukuna, ginin ma bai kai linta ba. Hoton kwamfuta ne na yadda falon zai kasance. Amma girman da ka faɗa zai yi mini amfani.

Anti Rabi: Mubarak, na buɗe hoton a babban allo na duba. Kafin mu je kan labule, amsa mini abu ɗaya. Labulen kudu ya kumburo ciki, na yamma ma ya kumburo ciki, ƙofar gabas a rufe take, ta korido ma a rufe. Iskar da ta shigo ta tagogi uku, ta ina take fita?

Mubarak: Anti, na ɗauka tunda tagogin suna bango biyu daban, za ta shiga ta ɗaya ta fita ta ɗayar.

Anti Rabi: Wani lokaci hakan na faruwa, amma ka duba inda gidan ya fuskanta. A Abuja iskar damina daga kudu maso yamma take tasowa, ta hunturu kuma daga arewa maso gabas. Tagoginka duka suna kudu da yamma, wato dukansu suna fuskar da iskar damina ke bugawa. Iska na turo kudu, tana turo yamma, babu mai ba wani hanya. Kamar ka hura baki cikin kwalba ne, ba ta ƙaruwa da komai tunda ba mafita. Abin da zai faru a zahiri shi ne labulen zai ɗan motsa ya koma, ya sake motsawa ya koma, amma wanda ke zaune a kujerar tsakiya ba zai ji komai a fatarsa ba.

Mai gidan bai karanta zanen gini ba, amma ya zauna a falo mai iska da marar iska duk rayuwarsa. Idonsa ya nemi inda iskar ta bi bai samu ba. Don haka aikinka na farko ba a renda yake ba, a bangon gabas yake. Nawa ne faɗin bangon da ya rage a gefen ƙofar shiga?

Mubarak: Akwai kamar mita 2 na bango zalla tsakanin ƙofar da kusurwar arewa.

Anti Rabi: To ga mafitarka nan. Ka yi wa mai zanen gidan da mai gidan magana a buɗe doguwar tagar luba a wurin, faɗi santimita 90, tsawo kamar mita 1.8, a kuma sa ƙaramar luba a saman ƙofar. Tunda ba a kai linta ba, yanzu ne gyaran ke da arha. Barandar za ta kare ta daga ruwan sama da ranar safe, don haka ana iya barinta a buɗe ko ana ruwa. Iska za ta shigo ta kudu da yamma, ta ratsa wurin zama a karkace, ta fita ta gabas. Daga yamma zuwa gabas mita 6 ne, ƙa'idar da muke aiki da ita kuwa ita ce tazarar mashiga da mafita kada ta wuce ninki biyar na tsayin silin. Kai ninki biyu kawai kake da shi, ba ka da damuwa ta nan.

Idan an yi wannan, hoton zai faɗi maganar da kansa. Labulen mashiga ya ɗago ciki kaɗan daga ƙasa. Labulen mafita kuma ya lafe a jikin ƙarfen taga, har ana ganin shatin ƙarfen a jikin yadin, domin iska janyo shi take yi waje. Wannan labulen da ya lafe shi ne abin da kusan kowa ke mantawa, kuma shi ne yake sa mai kallo ya yarda.

Nura: Anti na yarda da batun mafita. Amma kibau fa? Ai ba kowa ne zai lura da labule ya lafe ba.

Anti Rabi: Kibau suna da wurinsu, Nura, a kan fulan ko a zanen da aka yanka ginin ana kallonsa daga gefe. Ni ma ina sa su a can. Amma a hoton da ake so mutum ya ji kamar yana tsaye a falonsa, da zarar ka zana kibiya ya daina zama falo ya koma darasi. Ka ba shi biyun, kowanne a shafinsa. Batun a kumbura labule har tsakiyar falo kuwa ban goyi baya ba. Iskar da za ta yi wannan ta hadari ce, wadda ake tashi da gudu a rufe tagogi saboda ita. Kuma wannan iskar sai ta bi ta raga, ta bi ta tsakanin gilasai, kafin ta taɓa labule, ƙarfinta ya ragu. Bakin labulen ya bar bango da kamar taƙi ɗaya ko biyu ya wadatar, kuma ya zama yadi marar nauyi. Labule mai kauri mai shafi biyu da ke hoton nan ba zai tashi haka ba.

Malam Danladi: Ni aikin wayarin nake yi, ban san kwamfuta ba, amma fankar nan ta hoton ban taɓa ɗaura irinta a Lugbe ba. Fuka-fukai biyar na katako, ga fitila a gindinta, ga ta manne da silin. Wadda muke ɗaurawa kullum mai fuka-fukai uku ce na ƙarfe, fara ko ruwan ƙasa, inci 56 kamar yadda Alhaji ya ce, wato mita 1.4 daga baki zuwa baki. Tana da sanda, da ƙoƙo a sama mai rufe ƙugiya da waya, da wani ƙoƙon a ƙasa. A silin mita 3 ina barin fuka-fukan su sauko kamar rabin mita, su tsaya wajen mita biyu da rabi daga ƙasa. In ka manna ta da silin ba ta samun iskar da za ta ja daga sama, sai ƙara kawai.

Abu na biyu, ɗana, ƙananan fitilun nan da ka jera a cikin silin, biyu suna daidai saman fuka-fukai. Ranar da aka kunna su tare da fanka, hasken zai riƙa ƙiftawa a falon har kan mutum ya yi ciwo. An sha kirana in cire irinsu bayan an gama fenti. Ka matsar da su wajen da'irar fankar, ka ba su tazara mai kyau. Sannan ban ga regileta a bango ba. Fanka ba regileta, ta ina za a kunna ta?

Mubarak: Allah ya saka da alheri Malam Danladi. Fankar daga 3D Warehouse na sauko da ita. Zan gina tamu da hannu, ba ta da wuya. Guda ɗaya ta isa falon nan?

Malam Danladi: In kujeru duk suna gefe ɗaya, ɗaya ta isa, amma a saman wurin zama, ba lallai tsakiyar silin ba. In har da teburin cin abinci a ɗaya gefen, biyu za ka sa a jere bisa tsawon falon, ko da 'yan inci 48 ne. Mai POP yakan so ya yi adonsa a tsakiya ya ce nan fanka za ta zauna, sai ka tarar tana fifita tayil mutane suna gefe suna gumi. A daidaita tun kafin a kafa ƙugiya.

Zainab: Ni daga Jos nake bin zancen nan. Gidanmu na Tudun Wada luba ne tun na tsofaffi, kuma gaskiya in na ga ana yabonta sai in tuna watan Disamba. Ko an rufe ta ruf, sanyi na shigowa ta tsakanin gilasai, ƙura kuma ta kwanta a kan kowane ɗaya, sai an bi su da tsumma ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyata har tsohon zane take rataya wa a bayan labule da daddare. Fanka kuwa watanni muke yi ba mu taɓa ta ba. Na yi wa wata 'yar'uwa renda ta falo a Rayfield, da na sa fanka biyu cewa ta yi in cire ɗaya in nuna mata inda za ta ajiye hita. To ni tambayata, ba yaudarar mai gidan ake yi ba in aka nuna masa luba a buɗe, komai fes, ba a nuna masa hunturu ba?

Anti Rabi: Tambayarki a kan hanya take, Zainab. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, Abuja kuwa ba ta kai rabin haka ba, shi ya sa abin da ya dace da Rayfield ba shi ya dace da Lugbe ba. Amma ƙurar hunturu ta haɗa mu duka, kuma luba ba ta rufuwa kamar taga mai roba a baki. Ni abin da nake yi, hoto biyu nake bayarwa daga kusurwa ɗaya. Ɗaya na damina, luba a buɗe. Ɗaya na Janairu, luba a rufe, sararin sama fari-fari da hazo, labule a tsaye cak. Mai gida ya ga duka biyun ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Wannan ya kawo ni kan abu na biyu da ya dame ni a hotonka, Mubarak. Zanen hasken rana da ya faɗo a tayil ta tagar kudu, layi-layi, ya yi kyau ƙwarai. Wane wata ka sa, kuma ƙarfe nawa?

Mubarak: Ban sa wata ba Anti, juya ranar na yi ta yi har hasken ya faɗo inda nake so.

Anti Rabi: To ka duba abin da ya fito. Abuja tana kan digiri 9 arewa da ikwaita. Daga wajen tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ta arewacinmu take bi, ko da tsakar rana. A watannin nan bangon kudu ba ya samun rana kai tsaye. Ranar da ke shiga tagar kudu ta shimfiɗa a ƙasa haka, ta Nuwamba zuwa Janairu ce, lokacin da take karkata kudu sosai. A wajen tagar kuma ka sa ciyawa shar da gajimare na damina, labule kuma yana nuna iskar kudu maso yamma. Wato rabin hoton Yuni ne, rabi Disamba. Ba wanda zai zauna ya lissafa maka wannan, amma duk wanda ya girma a nan zai ji wani abu bai zauna ba.

Gyaran ba wuya. A SketchUp ka sa wa aikin wurinsa na gaskiya ta Geo-location, ka tabbatar arewar zanen ita ce arewar fili, ka buɗe Shadows ka ga agogon yana UTC+01:00. Ka zaɓi rana ɗaya a Yuni. In kana son layukan hasken nan, tagar yamma ce za ta ba ka su wajen ƙarfe huɗu na yamma, lokacin rana ta sauko ƙasa da digiri 40. Sai dai ka sani, wannan hasken shi ne zafin da mai gidan ke gudu. Da ni ce, zan ɗauki hoton da hantsi, tagogin kudu suna shigo da haske mai laushi ba rana, in bar tagar yamma da inuwar bakin rufi ko bishiya a bayanta.

Nura: Amma Anti hoto ba rana a ciki yakan mutu. Layukan nan su ne ke sayar da luba.

Anti Rabi: Ban ce a hana ba. Cewa na yi in za a sa, a sa ta tagar da rana ke bi da gaske, a kuma gaya wa mai gida cewa wannan kyan da la'asar zai zo masa da zafi. Wasu sun ji haka sun ce a rage tagar yamma, wasu sun ce a bar ta a dasa darbejiya.

Sadik: Bari in shigo ta kan lubar kanta, don na zuƙo hoton na ga yadda aka yi ta. Mubarak, gilasanka ba su da kauri, shafi ɗaya ne kowanne, shi ya sa suka ɓace kamar babu. Luba ta gefenta ake ganinta. Ka ba kowane gilashi kaurin milimita 5, faɗi santimita 15, tsawo kada ya wuce 90, don a zahiri in ya fi haka lanƙwasa yake yi ya karye. Tagar da ta fi wannan faɗi ana raba ta biyu da ƙarfe ko katako a tsakiya. Tsakanin gilashi da gilashi ka bar kamar santimita 14, saboda in an rufe kowanne ya hau kan na ƙasansa kaɗan. A taga mai tsawon mita 1.2 za ka samu guda takwas. Gefen gilashi kuma kore-kore yake, ka sa wa kayan gilashin ɗan launin kore mai rauni yadda zai fito a baki kawai, fuskar ta zauna garau. IOR, wato yadda gilashin ke lanƙwasa haske, ka bar shi 1.5.

Sannan karkatar. Naka bakin waje ne a sama, na ciki a ƙasa. A haka ruwan sama cikin falo zai gangaro. Bakin waje ne ke kallon ƙasa, na ciki ya ɗaga.

Malam Danladi: Kuma kada ya manta hannun buɗewa. Kowace luba tana da ɗan mariƙi a gefe daga ciki, yawanci biyu, ɗaya na rukunin sama ɗaya na ƙasa.

Sadik: Yauwa Malam, nan ma akwai dabara. Tunda hannu biyu ne, ba a cika samun duka gilasan a karkata ɗaya ba. Ni nakan bar huɗun ƙasa kusan a kwance, huɗun sama a rabin buɗewa. Yana da dalili ma: gilashin da ya karkata sama yake tura iska, wajen silin, wanda ke kwance kuwa yana barinta ta wuce kai tsaye a daidai jikin mai zama. Sai kuma in karkata ɗaya ko biyu da digiri ɗaya ko biyu daban da 'yan'uwansu, don kowane gilashi ya ɗauki hasken sama nasa daban. Da zarar duka sun yi daidai kamar an auna da ma'auni, ido ya san kwamfuta ce. In falon ya yi duhu bayan ka ba gilashin kauri, a V-Ray ka duba Affect Shadows a kunne yake, don haske ya ratsa.

Mubarak: Yaya Sadik, raga da ƙarfen taga fa? Na cire su ne don na ga suna ɓata hoton.

Sadik: Ƙarfen dai ka mayar. Ba wanda zai kwana a gida marar bene a Lugbe da luba ba ƙarfe, tunda zare gilashin ba wuya. In ba ka zana shi yanzu ba, mai walda ne zai zana maka shi daga baya yadda ya ga dama. Ka yi sanduna a kwance, tazararsu ta bi ta gilasan, sai su ɓace a cikin layukan lubar. Ka kuma lura da kaurin bango. Bulo inci 9 ne, gilashi in ya kwanta yana cin santimita 15, ragowar kaɗan ce za a raba wa raga da ƙarfe. Raga kuwa ni ba na sa ta. Tana haifar da wani zane mai rawa a hoto, tana ƙara lokacin renda, kuma daga nesa ba a ganinta.

Anti Rabi: A nan mun rabu, Sadik. Ba a ganin zarenta, amma ana ganin aikinta: waje yakan ɗan dusashe, kuma firam ɗinta yana nan. Ba sai ka saƙa zare ba, shafi ɗaya mai launin toka wanda haske ke ratsa mafi yawansa ya isa. Dalilina ba na kyau ba ne. Raga tana rage iska sosai, balle in ƙura ta toshe ta, kuma saboda ita ne nake faɗaɗa tagogi tun a zane. In hoton bai nuna ta ba, mai gida zai tambaye ka me ya sa tagogin suka yi girma haka, ya ce a rage. Falo a buɗe da magariba a Abuja ba raga kuwa, kowa ya san abin da sauro zai yi.

Sadik: Na ji dalilin. Ni dai har yanzu a hoton nesa ba zan sa ba, sai a na kusa da taga.

Zainab: Fankar fa, a tsaye za a bar ta ko tana juyawa? Ni kullum a tsaye nake bari, don duk lokacin da na gwada juyawar sai ta fito kamar faranti.

Sadik: Lissafi ne kawai, 'yar'uwa. Farantin yana fitowa ne in gudun ya yi yawa ko kyamara ta daɗe a buɗe. Ɗauki fanka tana juyi 300 a minti, kusan ƙarshen gudunta ke nan. Juyi biyar ne a daƙiƙa, digiri 1,800. In kyamara ta buɗe na 1/15 na daƙiƙa, kowane fiffike ya share digiri 120, uku sun cika da'ira, ga farantinki. Amma ki sauke ta zuwa juyi 120 a minti, kamar an sa regileta a ƙasa, digiri 720 ke nan a daƙiƙa. A 1/48 kowane fiffike digiri 15 kawai zai share. Ana ganin fuka-fukai uku sarai, bakinsu ya yi dishi-dishi, kusa da kai kuma ya fi fitowa.

A Blender haka nake yi: a 24 fps ina juya ta digiri 30 kowane firam, Interpolation a Linear, in kunna Motion Blur in bar Shutter a 0.5. In dishin ya fito a miƙe maimakon ya bi da'ira, ki ƙara Steps a saitin Motion Blur na fankar kanta. Kuma ki tuna a irin fankarmu kan yana juyawa tare da fuka-fukan, sanda da ƙoƙuna ne kawai ke tsaye.

Nura: To in fanka na gudu ai an gama, ita ce ke sanyaya ɗakin. Ko ba mafitar nan da Anti ke faɗa, hoton zai nuna sanyi.

Anti Rabi: Fanka ba ta rage zafin iskar ɗaki, Nura. Jikin mutum take sanyayawa, tana busar da gumi. In iskar ɗakin ba ta canzawa, zafin jikin mutane da na talabijin da wanda rufi ke saukowa da shi duk suna nan, fanka tana juya su. Taga ce ke canza iskar, fanka ta sa a ji ta a fata. A bazara, Maris da Afrilu, akwai ranakun da ganye ba ya motsi kuma iskar waje ta fi ta ciki zafi da rana. A irin ranar rufe luba ake yi da rana a kunna fanka, a buɗe da daddare. Shi ya sa ba na son a cika alamun motsi a hoto ɗaya. Fanka a hankali, labulen mashiga ya ɗago, na mafita ya lafe, wataƙila gefen shafin kalanda a bango ya ɗaga ta inda iskar ta nufa. Ganyen tukunyar fulawa da ke ƙarƙashin fanka kuma kada ya karkata gefe, iskar fanka ƙasa take bugawa.

Alhaji Tanko: Ni dai na ga katangar gidan a hoton ta taga. In tana kusa haka kamar yadda ake yi a gidajen yanzu, duk wannan iskar da kuke ta rabo ba za ta iso ba. Gidan ɗana a Kubwa taga na kallon katanga, hannu ma yana taɓawa.

Anti Rabi: Baba Alhaji ya taɓo babba. Mubarak, nawa ne tsakanin bangon kudu da katanga, kuma tsayinta nawa?

Mubarak: A fulan mita 3 ne ta kudu, ta yamma kuma mita 1.5. Tsayin katangar 2.4. A hoton na matsar da ita baya kaɗan don a ga lambu.

Anti Rabi: Mayar da ita inda take. Ta yamma, da mita ɗaya da rabi da katanga mai wannan tsayi, tagar tana cikin inuwar iska, kada ka dogara da ita, kuma labulenta a hoton ya tsaya kusan cak. Amfanin da ta yi maka shi ne za ta tare ranar la'asar in ta yi ƙasa. Ta kudu da ɗan dama, amma ita ma iskar za ta haura katanga ne ta faɗo, saman tagar zai fi ƙasanta samu. Ka ba mai gidan shawarar a yi saman katangar kudu da bulo mai huda ko ƙarfe, daga kamar mita 1.5 zuwa sama. Wasu ba sa yarda saboda sutura, musamman gidan da mata ke zama a tsakar gida, kuma hujjarsu ce. In ya ƙi, sai a ɗaga tagogin kudu su kai kusa da silin.

Kyamararka kuma ka sauke ta. Yanzu tana sama kamar mai tsaye a kan kujera. Ka kawo ta wajen mita 1.2, tsayin idon wanda ke zaune, ka tsaya a kusurwar arewa maso yamma kana kallon kudu maso gabas. Daga nan tagar kudu tana dama, sabuwar tagar gabas tana hagu, fanka a sama tsakaninsu, duka a hoto ɗaya.

Mubarak: Na rubuta duka. Yau da daddare zan kira mai zanen gidan kan tagar gabas, don in bai yarda ba sauran gyaran kwalliya ne kawai. In ya ƙi fa, Anti, ƙaramar lubar saman ƙofa kaɗai za ta wadatar?

Anti Rabi: Ba za ta wadatar ba, mafita ce ƙarama ga mashiga babba, iskar cikin falon za ta riƙa tafiya a hankali. Za ta fitar da zafin da ya taru a sama, shi ke nan. In ya ƙi, ka duba ƙarshen koridon arewa ko akwai taga, a sa luba a saman ƙofar koridon ita ma. Turo mini fulan ɗin gaba ɗaya in gani, har da inda gidan maƙwabci yake ta gabas.

Malam Danladi: In za ka tura, ka nuna mata inda aka yi niyyar kafa ƙugiyar fanka, don masu rufi ba sa jira.